Wasiƙar Farko Sallama Ce a Ƙofar Gida

Gwaggo, barka da war haka. Ni tela ne a titin Bauchi nan Jos, shekarata 27, gidanmu yana Gangare. Akwai wata malama a Islamiyyar da nake kai 'ya'yan yayana a Unguwar Rogo ranakun Asabar da Lahadi. Wata 14 ke nan ina ganinta, ban taɓa ce mata komai ba bayan "ina kwana, Malama". Da na yi niyyar magana sai harshena ya ɗaure. Aure nake nufi, Allah ne shaidata. Na rubuta mata wasiƙa shafi huɗu. Na fara da "Ya ke hasken idanuna, tun ranar da na fara ganinki barci ya ƙaurace mini", na lissafa launin hijaban da take sawa, da lokacin da take sauka daga Keke, da ranar da na bi bayanta daga nesa har na ga gidansu, don ta san da gaske nake. Lambarta tana cikin zauren WhatsApp na iyayen yara. In tura mata ta can ne, ko in ba 'yar yayana ta miƙa mata? Me zan rage, me zan ƙara?

Ɗanki daga Gangare

Ɗana, shafi huɗun nan kada ka yaga su, amma kada su fita daga akwatinka. In Allah ya ƙaddara auren, wata rana bayan an yi sunan ɗan fari sai ka ɗauko ka karanta mata, ku sha dariya tare. A yau dai ba ita ka rubuta wa ba, zuciyarka ka sauke wa nauyi, kuma ta huta. Wadda za a kai wa Malama wata ce daban, ba za ta cika shafi ɗaya ba.

Ga abin da masu kunya irinka suke mantawa. Kai ka yi shekara da wata biyu kana hira da ita a cikin ranka, har kun saba, wataƙila ma kun yi faɗa kun shirya. Ita kuwa ko minti ɗaya ba ta yi da kai ba. Abin da ta sani shi ne akwai wani baffan yara da yake kawo su da safe, ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya juya. Kai ka yi nisa a tafiya, ita ko takalmi ba ta sa ba. To mutumin da bai san da tafiyar ba, ba a fara masa da labarin zango na goma. Sallama ake fara yi, a faɗi ko wane ne, a faɗi abin da ya kawo mutum, a tsaya a bakin zaure har a ce shigo ko a ce ba ta nan. Aikin wasiƙar farko ke nan, ba ta da wani.

Bari in fara da wurin da ya fi damuna. Maganar bin bayanta, ka goge ta daga takarda, ka kuma daina aikata ta daga yau. Na yarda ba da mugun nufi ka yi ba, amma ka juya abin ka gani. A ce ƙanwarka ce ta dawo gida da takarda daga wani da ba ku sani ba, yana cewa ya san lokacin saukarta daga Keke, ya san lungun da take bi, ya san ƙofarku. Za ka ce masoyi ne? Sanda za ka nema. Ita ma ba so za ta karanta a wurin ba, cewa za ta yi ashe wata da watanni akwai ido a bayana ban sani ba. Kuma ka san garinmu. Jos da ta ga 2001, ta ga 2008, ta ga 2010, ba gari ba ne da baƙuwar fuska za ta riƙa raɓewa a lungun mutane ana ƙyale ta. Matasan unguwa suna lura fiye da yadda kake zato, kuma in suka laƙaba maka sunan mai bibiyar mata, ko dattawa goma ka turo daga baya, sunan ya riga su isa gidan.

Lissafin hijabai ma haka. A ganinka shaida ce ta kulawa, a wurinta kuwa kamar ka ce mata ne duk ranar da ta shirya don ta koyar da yara, kai kana gefe kana awo da ido. Sana'arka ce, na sani, tela ba ya ganin yadi ya kau da kai. Amma ka bar wannan a shago.

Kafin ka ɗauki biro akwai aikin da ya riga rubutu, kuma ba kai za ka yi shi ba. A cikin dukan abin da ka gaya mini babu inda ka ce ka tabbatar ba ta da aure. Ka tabbatar? Malamar Islamiyya ce cikin hijabi har ƙasa, budurwa da matar aure duk shigarsu ɗaya. Gidan da ka gani yana iya zama na iyayenta, yana iya zama na mijinta. Na san wanda ya aika wa matar mutum takarda a kan irin wannan zaton, sai da iyaye suka shiga tsakani ana ba da haƙuri, kuma har yau ba ya iya bi ta layin. Saboda haka ka je wurin matar yayanka, ka ajiye kunya na minti biyar, ka ce, "Anti, akwai maganar da nake so ki bincika mini a asirce." Ita uwar yara ce, tana da dalilin sanin malamar 'ya'yanta, kuma mata suna da hanyar jin labari a wurin suna ko biki ba tare da an gane abin da suke nema ba.

Abin da za ta jiyo maka kaɗan ne. Da aure ko babu. In babu, budurwa ce ko bazawara, in bazawara ce ta gama idda ko da saura, domin mai idda ba a fito mata da maganar aure ƙarara. Aya ta 235 a Suratul Baƙara ta yi magana a kan haka. Sai kuma babba: an yi mata miji ko ba a yi ba. Ka san hadisin da ya hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamanmu na Malikiyya sun fayyace iyakar hanin, a Risala ma an faɗa: yana hawa ne in ɓangarorin biyu sun karkata ga juna, magana ta kusa ƙulluwa. Wato in samari ne kawai suke zuwa sallama, ba wanda aka tsayar, ƙofa a buɗe take, kai ma ka shiga layi. In kuwa an karɓi kuɗin gaisuwa, ko an yi baiko, ko an sa rana, to ka ninke takardarka ka yi mata addu'ar zaman lafiya. Malama ce, ta san hukuncin nan, wataƙila ta fi ni da kai. In ka aika alhali an tsayar da wani, ba ƙi kaɗai za ka samu ba, za ka zube a idonta.

Ta kuma jiyo maka al'adar gidan. Unguwar Rogo ba gida ɗaya ba ce. Akwai gidan da saurayi zai tura yaro ya ce ana sallama da wance, ta fito a yi zance a zaure. Akwai gidan da uba ba ya yarda 'yarsa ta saurari kowa sai wanda ya fara zuwa wurinsa ya nemi izini. In gidansu irin na biyun ne, wasiƙarka ma ba ita za a fara kai wa ba. Yayanka zai je ya gaida mahaifinta ko wanta, ya ce ƙanena ya gani yana so, a ba shi izinin magana. A irin wannan gida wanda ya tsallake uba ya je ga 'ya ya riga ya faɗi, ko da yarinyar tana sonsa.

Yanzu hanyar aikawa. Biyun da ka kawo duk ban yarda da su ba.

Lambar da ke zauren iyaye amana ce. Ta bayar ne don a tambaye ta hadda da ranar hutu da kuɗin wata. In ka ciro ta ka aika saƙon so, tambayar farko da za ta zo mata ba "wane ne wannan" ba ce, "wa ya ba shi lambata" ce, kuma amsar ba za ta yi maka ado ba. Ga shi saƙon waya ba shi da nauyi: yana shigowa ne tsakanin tallan atamfa da gaisuwar Juma'a, a ɗauki hotonsa da yatsa ɗaya a tura wa ƙawa. Kai kuma za ka zauna a kan keken ɗinki kana leƙa waya, ka ga alama ta nuna an karanta ba a amsa ba, ka ɓata wa mutane shadda. Sannan waya tana ruɗin mai kunya. Tunda ba ido da ido ba ne, da tsakar dare sai ka ga ka tura na biyu, ka tura na uku kana ba da haƙuri a kan na biyun.

Yarinya kuwa ɗalibarta ce. Kada ka mai da almajira 'yar aiken soyayya ga malamarta. Bakin yaro ba ya da marfi, kafin a tashi duk aji ya ji cewa Baffa ya ba Malama takarda, kafin Asabar ta zagayo maganar ta kai ofishin shugaban makaranta. Kai ba abin da zai same ka, ita ce za a kira a yi wa tambaya a kan abin da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Don haka komai naka ya yi nesa da harabar makaranta: ba a ƙofa ba, ba a cikin jakar yara ba, ba a tsakanin shafukan littafin hadda ba.

Matar yayanka ita ce 'yar aikenka, ko yayarka mace in kana da ita. Ta je gidan da rana kamar mai ziyara, ta gaida uwar, ta keɓe da Malama ta ce, "Ƙanen maigidana ne ya ba ni saƙo, ki duba in kin samu sarari, ba gaggawa." Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, masu tarihi sun kawo cewa Nana Khadija ma ƙawarta Nafisa ta tura ta fara jin ta bakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amfanin babbar mace a tsakani biyu ne. Zuwanta kaɗai ya nuna gidanku sun san da maganar, ba wasan samari ba ne. Kuma in amsar a'a ce, Malama za ta iya gaya wa mace 'yar'uwarta cikin sauƙi, ba sai ta dubi idonka ba.

To ga irin takardar da nake nufi. Ka cike sunaye da kanka, ka kuma sauya duk kalmar da ba ta zauna a bakinka ba.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malama, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Sunana wane, ɗan Malam wane na Gangare. Ni ne baffan su wance da nake kawo su makaranta Asabar da Lahadi. Sana'ata ɗinki, shagona yana titin Bauchi. Ban taɓa aure ba.

Dalilin wannan takarda shi ne, na ga yadda yaranmu suka sauya a hannunki, da yadda suke ambatonki da alheri a gida, sai na ji ina sha'awar neman aurenki, in Allah ya nufa kuma babu wanda aka tsayar. Ni ba gwanin magana ba ne, shi ya sa na rubuto. Yayana da matarsa sun san da wannan.

In kin ba da dama, ina so a gaya mini hanyar da gidanku suka fi so in bi, in bi ta. In kuma babu hali, ki gaya wa wadda ta kawo takardar, ya wadatar. Ba zan sake tayar da maganar ba, kuma girman da nake ba ki yana nan yadda yake.

Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Wassalam. Wane ɗan wane."

Na san za ka karanta ka ce, Gwaggo, ai wannan kamar takardar neman aiki, ina son yake? Yana nan, a ɗinkin ciki. Bari in nuna maka.

Sunan mahaifinka da unguwarku su ne jimlar da ta fi kowace aiki. Jos babba ce a ido, amma tsakanin Gangare da Dilimi da Rikkos da Unguwar Rogo, da wuya a ambaci gida a rasa dattijon da zai ce, af, jikan wane ne, kakansa da namu tare suka zo zamanin kuza. Da ka faɗi gidanku ka ba su igiyar da za su ja su bincike ka, kuma mai ba da igiyar bincike da hannunsa ya nuna ba abin da yake ɓoyewa. Takardar da aka sa wa hannu da "mai ƙaunarki a ɓoye" kuwa, wurinta murhu.

Sana'arka ka faɗe ta yadda take. Kada ka ce kana harkar tufafi ko kai ɗan kasuwa ne, tela kake, kuma ba abin kunya a ciki. Kada kuma ka faɗi abin da kake samu, ko ka yi alkawarin gida da mota. Wannan tambayar iyaye ce, za su yi ta a lokacinta, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In da a ce kana da mata, a nan ne wurin faɗa, a layin farko, ba bayan ta fara sabawa ba.

Dubi kuma abin da aka yaba. Yabo ɗaya tak, kuma a kan aikinta, abin da kowa zai iya gani ba tare da ya yi leƙe ba. Na rubuta sauyin yara ne don misali. Kai ka nemo na gaskiya. Wataƙila ƙaramar ce da ba ta iya haɗa baƙi ba yanzu take karanta Amma da kanta, wataƙila ranar da aka yi ruwa ne ta tsaya da yaran har ka iso. Abu guda da ya faru da gaske ya fi "hasken idanuna" sau ɗari, domin hasken idanu kowa na iya kwafowa, wancan kuwa sai wanda ya lura da halinta. Fuska, murya, tafiya, ido, duk ka bar su. Ba wai ba ka gani ba, ita ma ta san ka gani. Shiru a kansu shi ne ladabin.

Kalmar aure ta fito a sarari, da gangan. Masu kunya suna son laɓewa a bayan "ina so mu san juna" ko "ina so mu riƙa gaisawa". Mace mai kamun kai ba ta san abin da za ta yi da irin wannan ba: in ta amsa, me ta amsa? In ta kai wa uwarta, me za ta ce ana nema? Da ka ce aure, ka ba ta maganar da za ta iya ɗauka ta shiga da ita ɗakin mahaifiyarta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ma'aunin takardar duka ke nan, ɗana. Ka ɗauka mahaifinta zai karanta, domin akwai yiwuwar ya karanta ɗin. Duk layin da zai sa ka ji kamar ƙasa ta tsage in an karanta shi da ƙarfi a zaurensu, sa masa almakashi.

Ni kaina haka ta faru da ni. Takardar farko da marigayi maigidana ya aiko mini, lokacin yana da ɗan shagon yadi a babbar kasuwar Taminus tun kafin gobarar 2002 ta cinye ta, ba ta iso hannuna ba sai da ta biya ta hannun wana. Ya karanta a tsakar gida yana neman abin da zai yi dariya, ya juya bayanta, ya ce, "Shi ke nan? Wannan ai ba shi da magana." Mahaifiyarmu tana tankaɗe ta ce, "Shi ne mai maganar." Layi bakwai ce. Da ta kai shafi huɗu, da har yau ana rera mini ita a gidanmu.

Kunyarka an ambace ta sau ɗaya, a jimla guda, aka wuce. Haka ya kamata. Ta bayyana dalilin da ya sa ka rubuto maimakon ka zo, kuma gaskiya ce. Amma kada ka shimfiɗa tabarma a kanta: "ni ba kowa ba ne", "na san ban kai ajinki ba", "ki taimaka ki tausaya mini". Wanda ya rage wa kayansa kuɗi tun kafin a taya, ya sa mai saye zargi. Kuma roƙon tausayi ɗora kaya ne. Haka ma maganar rashin barci da cewa ba za ka rayu ba in babu ita. Kana nufin nuna zurfin so, ita kuwa abin da za ta ji shi ne, in na ƙi, alhakin yaron nan yana wuyana. Ba a neman aure da ɗaure mutum.

Shi ya sa sakin layi na uku ya fi mini duk sauran daraja. Ka buɗe mata ƙofar fita, ka nuna mata inda take, ka yi alkawarin ba za ka tsaya a bakinta ba. Ka tuna ita za ta ci gaba da ganinka duk mako, yaran gidanku suna gabanta. Tsoronta na farko shi ne, in na ce a'a, yaya zan yi da gaisuwar Asabar? In ka cire mata wannan tsoron, ko me ta amsa, daga zuciyarta ya fito. Sai dai alkawari ne, ba ado ba. In ba za ka iya cika shi ba, kada ka rubuta.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Farar takarda mai tsabta, ba wadda aka yago daga littafin awo ba. Rubutun hannunka, ko da ba shi da kyau, in dai yana karantuwa. Ka fara gwadawa a wata takardar sau biyu. Ka rubuta da Hausar da kake magana da ita. Mu mutanen Jos an san mu da surka Turanci, amma a nan ka rage, kada kuma ka ɗebo Larabcin da ba ka da tabbacin rubutunsa, malama za ka aika wa, idonta zai fara sauka a kan kuskuren. Ambulan a manne, ba turare, ba zanen fure, ba hotonka. Kada ka sa kuɗi, kada ka haɗa da hijabin da ka ɗinka mata, na san tunanin ya zo maka. Toshi yana da lokacinsa, bayan an karɓe ka. Kyauta a tare da tambayar farko tana sa mai niyyar ƙi ta rasa yadda za ta yi: ta mayar, ta ci fuska, ta riƙe, ta ci bashi. Lambar wayarka ma ba dole ba ce. In ana so, za a nema wurin Anti.

Bayan an kai, ka ba da mako biyu cur kafin ka tambayi ko da matar yayanka. Malama za ta yi shawara da uwarta ko yayarta, za ta yi istihara, wataƙila a tura wani Gangare ya ji ko kai wane ne, a tambayi limamin masallacinku da maƙwabtan shagonka. Wannan ba aikin kwana uku ba ne. A makonnin nan biyu, in da hali, yayanka ya kai yaran da kansa ko babban cikinsu ya riƙe hannun ƙananan. Ba gudu ba ne, sarari ka ba ta, kada ta fito aji ta tarar da tambaya tsaye a bakin ƙofa. In dole kai za ka kai su, gaisuwarka ta kullum, ba ƙari, ba ragi, ba tsayawa karanta fuska.

Amsar ba lalle ta zo da e ko a'a ba, sai ka iya jin harshen. In aka ce "ya zo ya ga Baba", ko "ya turo manyansa", ko Malama ta tambayi Anti wani abu game da kai, ko da a ce tambayar ita ce yana salla a kan lokaci kuwa, to ƙofa ta buɗe. In aka ce "tana karatu tukuna" ba a faɗi yaushe za ta gama ba, ko "an gode, Allah ya haɗa kowa da rabonsa", ko "akwai magana a ƙasa", wannan a'a ce da aka naɗe a cikin ladabi don kada a kunyata ka. Ka karɓe ta a naɗe, kada ka ce sai an warware maka dalili. In kuwa shiru ne har mako biyu suka wuce, Anti ta taɓa maganar sau ɗaya, a hankali. Shiru na biyu amsa ne. Kada wani aboki ya ruɗe ka da cewa ai shirun budurwa yardarta ce. Wancan hukuncin yana magana ne a kan lokacin da waliyyinta ya nemi izininta a kan wanda za a aura mata, ba a kan takardar saurayin da ba a amsa ba.

In a'a ce, zai yi ciwo, ba zan ɓoye maka ba, wata 14 ba kwana 14 ba ne. Amma ba takarda ta biyu, ba saƙon waya, ba aiken wani malami ya je ya roƙa, ba cire yara daga makarantar don fushi. Ranar Asabar ka kai su, ka ce ina kwana Malama, ka juya kamar yadda ka saba.

In kuma aka ce ka zo, to takarda ta gama nata, saura baki, kuma a nan ba mai ara maka. Kada ka tafi kai kaɗai ranar farko, ka ɗauki aboki ɗaya mai natsuwa, ba mai surutun da zai cinye zancen har a rasa wane ne mai neman ba. Ku je bayan la'asar, ku tashi kafin magariba. Rabin awa ya isa. Ka tanadi tambayoyi biyu a kan abin da ta sani kuma take so, karatunta da ɗalibanta, domin mai kunya ya fi iya sauraro, ita kuma malama ce, bayani sana'arta ce. In harshen ya ɗaure, ka ce, "Malama, kin ga abin da na faɗa a takarda, ga shi kin gani da idonki." Za ta yi murmushi, ko ta rufe fuska da gefen hijabi, daga nan maganar za ta samu hanya. Ka sa rigar da ka ɗinka da hannunka, kuma ka riƙo ta sanyi, ka san yadda zaurukan Unguwar Rogo suke in rana ta yi ƙasa.

Gwaggonka